Enikas: tambayoyi da amsoshi kan adireshi ɗaya mai sabobi da yawa

Mene ne enikas?

A tsarin da aka saba, kowace saba a intanet tana da adireshin IP nata ita kaɗai, kuma duk inda ka tsaya a duniya ka kira wannan adireshin, na'ura ɗaya ce za ta amsa maka. Wannan shi ake kira yunikas. A enikas kuwa, wanda ake rubuta shi `anycast` a takardun fasaha, ana ɗora adireshi guda a kan sabobi masu yawa da ke garuruwa daban-daban, kowacce tana shelar cewa adireshin yana wajenta. Wanda ya kira daga Legas zai faɗa hannun wata, wanda ya kira daga Landan ya faɗa hannun wata, alhali lambar da suka buga ɗaya ce.

Tunanin ba sabo ba ne, an rubuta shi tun 1993 a takardar RFC 1546. Adiresoshin da mutane suka fi haddacewa ma, wato na sabobin DNS masu juya sunan shafi zuwa adireshin IP, irinsa ne: `8.8.8.8` na Google da aka buɗe a Disamba 2009, `9.9.9.9` na Quad9 a 2017, da `1.1.1.1` na Cloudflare a ranar 1 ga Afrilu 2018. Babu wata alama a jikin lambar da za ta nuna maka enikas ce. Bambancin yana cikin yadda ake shelar hanyar zuwa gare ta.

Wa yake zaɓar sabar da za ta amsa mini?

Ba kai ba ne, kuma ba mai sabar ba ne kai tsaye. Rautocin da ke tsakaninku ne, na'urorin da ke miƙa saƙo daga zango zuwa zango, ta hanyar BGP, wato yarjejeniyar da kamfanonin intanet ke gaya wa juna wane rukunin adireshi ake samu ta wajen wa. Kowane kamfani yana da lambarsa ta AS, wadda ake gane shi da ita a BGP. Ta Google 15169 ce, ta Cloudflare 13335. Idan rukuni ɗaya ya iso wa rauta ta hanyoyi uku, ita ba ta damu ko hanyoyin na ƙarewa a na'ura ɗaya ko a na'urori uku ba. Za ta zaɓi ɗaya kawai ta riƙa tura kaya ta nan.

Ga yadda zaɓin yake tafiya. Kafin komai, sanarwar da ta fi ƙanƙanta ita ke cin nasara: idan akwai rukunin `/22` da na `/24` da suka ƙunshi adireshin, za a bi `/24`, domin shi ne ƙarami. Idan girmansu ɗaya, sai a duba fifikon da kamfanin ya sa da hannunsa, wato `local preference`. Nan ne kuɗi ke shigowa, domin kamfani kan fifita hanyar abokin cinikin da ke biyansa, sannan hanyar da yake musaya kyauta, sannan ta ƙarshe hanyar da shi yake biya. Sai bayan wannan ake ƙirga yawan kamfanonin da hanyar ta ratsa, a ɗauki mafi gajarta.

Ka lura babu kilomita a cikin lissafin, babu kuma saurin amsa. Shi ya sa cewa “enikas na kai ka saba mafi kusa” magana ce mai rabin gaskiya. Kusancin na yarjejeniyar kasuwanci ne. Mutum yana iya zama a Legas, akwai saba a Legas ɗin, amma kamfaninsa ba ya musayar hanya da mai sabar a IXPN, cibiyar musayar intanet ta Najeriya, ko wani waje na cikin gida, sai saƙonsa ya bi wayar ƙarƙashin teku ya je Landan ya dawo.

Yaya ake kafa shi a aikace?

Ana buƙatar lambar AS da rukunin adireshi na kanka, wanda a Afirka AFRINIC ke bayarwa. Rukunin kada ya gaza `/24` a IPv4, wato adireshi 256, ko `/48` a IPv6, domin galibin kamfanoni suna watsar da sanarwar da ta fi haka ƙanƙanta. Ko adireshi ɗaya tak kake son amfani da shi, sai ka shelanta rukunin gaba ɗaya.

A kowace cibiya ana ba saba adireshi biyu. Ɗaya nata ne ita kaɗai, ta nan ake shiga a gyara ta a kuma sa mata ido. Ɗayan shi ne na tarayya, ana ɗora shi a kan mahaɗin cikin gida na na'urar:

```
ip addr add 192.0.2.53/32 dev lo
```

Sai a kunna manhajar BGP irin su BIRD, FRR ko ExaBGP, ta shelanta adireshin ga rautar cibiyar, ita kuma rautar ta shelanta `/24` ɗin ga duniya. Haka za a maimaita a kowane gari.

Abin da masu farawa suka fi mantawa shi ne gwajin lafiya. BGP bai san ko manhajar DNS ɗinka ta mutu ba. Muddin sanarwar na nan, jama'ar yankin za su ci gaba da zuba tambayoyi cikin rami. Dole a sa wani ɗan shiri da ke gwada ainihin hidimar duk bayan daƙiƙu kaɗan, in ta kasa amsawa sau biyu ko uku a jere ya janye sanarwar. Idan kuma na'urar ce ta ɗauke gaba ɗaya ba tare da sallama ba, maƙwabciyarta za ta jira wa'adin BGP ya cika, wanda yawanci daƙiƙa 90 ne ko 180, sai fa in an kunna BFD da ke gano mutuwar cikin ƙasa da daƙiƙa guda.

Akwai wani tarko kuma. Tunda `/24` ake shelantawa a dunƙule, idan ka jera hidimomi biyar a cikinsa ɗaya ta mutu, zaɓi biyu gare ka: ka janye duka biyar daga wannan garin, ko ka bar matacciyar tana haɗiye saƙonni. Shi ya sa masu harkar ke ware rukuni guda ga hidima guda, ko da sauran adiresoshin za su zauna a banza.

An ce sabobin tushen DNS goma sha uku ne kacal. Gaskiya ne?

Sabobin tushe, waɗanda daga kansu ake fara neman suna a DNS, sunaye ne goma sha uku, daga harafin A zuwa M, a hannun hukumomi goma sha biyu. Na'urorin da ke bayansu sun haura 1,500 a faɗin duniya. ISC mai riƙe da harafin F ta fara rarraba tata ta enikas a 2002, shekarar da aka kai wa tushen babban hari a watan Oktoba. Da aka sake kai wani harin a Fabrairu 2007, haruffan da suka fi jin jiki su ne G da L, waɗanda a lokacin ba su koma enikas ba.

Idan hanya ta canza ina tsakiyar sauke fayil, me zai faru?

Ga DNS babu wata damuwa, tambaya ɗaya ce amsa ɗaya, kowace saba ta karɓa za ta iya amsawa. Ga TCP kuwa, tsarin da ake sauke fayil da buɗe shafi da shi, sabar da kuka fara hira da ita ita kaɗai ta san inda aka tsaya. Idan hanya ta juya ta kai ka wata, sabuwar ba ta san ka ba, za ta mayar maka da `RST` hirar ta yanke. A aikace wannan bai cika faruwa ba, domin hanyoyi kan zauna daram na sa'o'i ko kwanaki, hirar shafin intanet kuma gajera ce. Inda abin ke ciwo shi ne rautar da ke raba kaya tsakanin hanyoyi biyu masu daraja ɗaya ƙunshi bayan ƙunshi, maimakon ta riƙe kowace hira a hanya guda. Alamar ita ce `ping`, umarnin gwada ko adireshi na amsawa, yana tafiya lafiya lau, DNS yana amsawa, amma shafi ya ƙi buɗewa ko ya riƙa yankewa.

Ta yaya zan tabbatar adireshi na enikas ne?

Daga wuri ɗaya ba za ka iya tabbatarwa ba. Sai ka auna daga wurare biyu masu nisa, sannan ka bar saurin haske ya yanke hukunci.

Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kilomita 200 a milisakan ɗaya. Tunda `ping` zuwa da dawowa yake aunawa, kowane milisakan ɗaya na nufin sabar ba za ta wuce nisan kilomita 100 daga gare ka ba. A ce ka auna daga wata na'ura a Legas ka samu milisakan 3, ka auna daga Landan ka samu 2. Na farko ya ce sabar tana cikin da'irar kilomita 300 daga Legas, na biyu ya ce tana cikin kilomita 200 daga Landan. Haɗa su, kilomita 500. Tsakanin Legas da Landan kuwa kimanin kilomita 5,000 ne. Da'irorin biyu ba su haɗu ba, saboda haka ba na'ura ɗaya ce ta amsa ba.

Hujjar hanya ɗaya take aiki. Idan da'irorin ba su haɗu ba, enikas ne babu shakka. Idan sun haɗu, ba ka tabbatar da komai ba, domin mai yiwuwa duka wuraren biyu cibiya ɗaya aka kai su, ko kuma jinkirin layinka ne ya kumbura lissafin. Kada ka yi wannan awon da datar waya, domin ita kaɗai kan ƙara gomman milisakan. Wanda ba shi da na'urori a ƙasashe daban-daban yana iya amfani da RIPE Atlas, mai dubban ƙananan na'urorin awo a duniya, ko shafukan `looking glass` da manyan kamfanoni ke buɗewa.

To wace saba ce ta amsa mini yanzu?

Masu gudanar da enikas da yawa sun bar ƙofar da za a tambaya. Ga sabobin DNS:

```
dig @193.0.14.129 hostname.bind CH TXT +short
dig @1.1.1.1 id.server CH TXT +short
dig @193.0.14.129 . SOA +nsid
```

Adireshin `193.0.14.129` na harafin K ne da RIPE NCC ke gudanarwa, kuma sunan da zai dawo yana ɗauke da ƙasa da gari, kamar `gb-lon` idan Landan ce. Umarni na uku ya fi biyun farko inganci idan kana binciken amsa mai matsala, domin sunan sabar yana zuwa ne a cikin ainihin amsar. Idan ka yi tambaya daban don jin suna, babu tabbacin na'urar da ta ba ka amsar farko ita ce ta karɓi ta biyun.

Ga shafukan da ke bayan Cloudflare, sa sunan shafin a gurbin `1.1.1.1`:

```
curl -s https://1.1.1.1/cdn-cgi/trace | grep colo
```

Zai ba ka lambar filin jirgin saman garin: `LOS` Legas, `LHR` Landan, `JNB` Johannesbag. Wannan lambar tana kuma ƙarshen layin `cf-ray` da ke cikin kan kowace amsar shafi. Amma ka tuna duk wannan abin da sabar ta faɗa da bakinta ne, na'urar bogi ma tana iya faɗar abin da ta ga dama.

Ni shafi yana min nauyi, abokin aikina yana buɗe shi da sauri. Adireshi ɗaya ne. Ina matsalar?

Mu bi misali daki-daki. Ofishi a Kano yana da layi biyu daga kamfanoni biyu. Ta layin farko `ping` na ba da milisakan 25, ta na biyu 130. Tsakanin Kano da Legas a miƙe kimanin kilomita 830 ne, saboda haka mafi ƙarancin abin da zai yiwu milisakan 8 ne da ɗoriya, kuma 25 adadi ne mai ma'ana ga sabar da ke Legas. Shi kuwa 130 ya yi kama da tafiya Turai.

Mataki na farko, tambayi sunan cibiyar ta kowane layi. A ce na farko ya ba da `LOS`, na biyu `LHR`. Tun nan ka san ba saba ɗaya kuke magana a kai ba, kuma duk gardamar “ai ni yana min aiki” ta ƙare. Mataki na biyu, bi hanyar da irin saƙon da ke da matsalar, ka sa adireshin shafin a gurbin `1.1.1.1`:

```
mtr --tcp --port 443 -z 1.1.1.1
```

Alamar `-z` na nuna lambar AS ta kowane zango. Nemi inda jinkiri ya yi tsalle ya kuma ci gaba da zama sama har ƙarshe, misali daga 28 zuwa 120. Nan ne aka shiga teku. Zango ɗaya da ya nuna adadi mai yawa na bayansa kuma suka sauko ba komai ba ne, rautar ce kawai ba ta gaggawar amsa irin wannan tambayar. Mataki na uku, duba AS ɗin da ke gaban tsallen. Idan daga kamfaninka aka miƙa kai tsaye ga wani babban dillalin hanya na ƙetare, to kamfaninka ba ya karɓar sanarwar cikin gida, ko yana karɓa amma ya fifita wata.

Gyaran ba ya hannunka, yana hannun kamfanin layi na biyu. Aika musu adireshin, adireshinka na waje, sunan cibiyar da aka kai ka, sakamakon `mtr` da lokacin awon. Akwai kuma yiwuwar mai hidimar ne da kansa ya janye wannan rukunin daga Legas na ɗan lokaci, don gyara ko don cunkoso. In haka ne layin farko ma zai koma wani garin, ka ga amfanin auna layukan biyu a lokaci ɗaya.

Shin enikas na hana a toshe shafi?

A nan ake yawan cakuɗa abu biyu. Enikas shi ne sabobi da yawa a bayan adireshi ɗaya. Ɗaya abin kuma shi ne shafuka da yawa a kan adireshi ɗaya. Manyan kamfanonin rarraba shafuka suna yin duka biyun tare, shi ya sa ake ɗauka abu ɗaya ne.

Enikas shi kaɗai bai hana toshewa ba. Kamfanin da ke son hana abokan cinikinsa isa `8.8.8.8` layi ɗaya zai rubuta a rautarsa, ko sabobi dubu ne a bayan lambar. Abin da enikas ya rushe shi ne tunanin kashe saba daga tushe. Idan aka kwashe na'urorin da ke wani gari, sanarwarsu za ta ɓace, cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna jama'ar garin su koma cibiya ta gaba, abin da za su gani kawai ƙarin jinkiri. Haka kuma ba a iya ware sabar wata ƙasa a toshe a bar ta gida ta hanyar duba adireshi, domin lambar ɗaya ce.

Tarayyar shafuka ita ke jawo ɓarnar da ake ji a labarai. A Agusta 2022 kamfanonin intanet na Ostiriya sun toshe adiresoshi 11 na Cloudflare bisa umarnin da ya shafi haƙƙin mallaka, sai dubban shafukan da ba su san hawa ba su san sauka ba suka ɓace wa mutanen ƙasar. A Italiya, tsarin Piracy Shield na hukumar AGCOM yana tilasta toshewa cikin minti 30 da shigar da rahoto, kuma a ranar 24 ga Fabrairu 2024 wani adireshin Cloudflare ya shiga jerin, ya tafi da shafuka masu ɗimbin yawa. A Sifaniya tun farkon 2025 ake ganin irin haka a lokutan wasannin LaLiga. Abin takaicin ma, wanda ake nema yakan tsira: ana sauya masa adireshi a DNS cikin mintuna, maƙwabtansa da suka rage a tsohon adireshin su ci gaba da zama a rufe.

Saboda haka masu toshewa suka koma bin suna maimakon lamba, ko dai su gurɓata amsar DNS, ko su leƙa sunan shafin da burauza ke aikawa a fili a farkon ɓoyayyiyar hirar TLS, wato SNI. Na farko ana kauce masa da sauya sabar DNS. Na biyu yana buƙatar na'urori masu tsada da ke bincika kowane ƙunshi, kuma sabon tsarin ECH an yi shi ne don ɓoye wannan sunan.

Za a iya kafa sabar bogi ta shiga cikin enikas ɗin wani?

Ana iyawa, kuma an yi. A Maris 2014 hukumomin Turkiyya sun toshe Twitter ta hanyar DNS, mutane suka koma `8.8.8.8`, har ana rubuta lambar da fenti a jikin bango. Kafin watan ya ƙare, kamfanonin intanet na ƙasar suka fara shelar wannan adireshin a cikin gidajensu, suka karkatar da tambayoyin zuwa nasu sabobin da ke ba da amsar da aka ga dama. Ga mai amfani komai daidai yake, lambar tana amsawa. Abin da ya tona asirin shi ne awo: jinkiri ya faɗi ƙasa ƙwarai dare ɗaya, hanyar ta daina fita daga ƙasar, amsoshin kuma suka saɓa da na sauran duniya.

Wahalar ita ce kowace daga cikin alamun nan biyu na farko tana iya zama halal. Idan mai hidima ya buɗe sabuwar cibiya a garinku, jinkiri zai faɗi haka nan. A yunikas, ganin adireshi a wuri biyu ƙararrawa ce. A enikas kuwa abin yau da kullum ne.

RPKI na taimakawa wajen tantance ko AS ɗin da ya shelanta rukuni yana da izini, amma ba ya hana kamfani yin ƙarya a cikin gidansa, inda babu mai duba shi. Abin da ke kama irin wannan shi ne takardar shaida. DNS da ke bi ta TLS a tashar 853, ko ta HTTPS a tashar 443, yana tilasta wa sabar ta nuna shaidar da mai kwaikwayo ba shi da mabuɗinta. Mai kwaikwayon zai iya yanke hirar, amma ba zai iya amsawa da sunan wani ba.

Toshewar wata ƙasa na iya tsallakowa ta shafi wata?

Tana iyawa idan sanarwa ta zarce inda aka nufa. Wasu cibiyoyin ana kafa su ne don yanki kawai, ana lika wa sanarwarsu alamar `NO_EXPORT` don kada ta wuce maƙwabta. A Maris 2010 sanarwar cibiyar harafin I da ke Bejin ta isa wasu kamfanoni a Cile da Amurka. Tambayoyinsu suka riƙa shiga ƙasar Sin, na'urorin tace bayanai da ke kan hanya suka riƙa mayar da amsoshin ƙarya kan Facebook, Twitter da YouTube. Wani injiniya a hukumar sunayen intanet ta Cile ne ya fara lura. Netnod mai gudanar da harafin ta ce ba sabarta ce ke ba da amsoshin ba, ta kuma janye sanarwar daga Bejin.

Wani adireshin enikas ya bayyana a rajistar katangar tsarona. Shi ke kawo min hari?

Da wuya. Adireshin enikas na karɓar kira ne, ba a cika fara kira da shi ba, domin amsar za ta iya komawa wata cibiyar da ba ita ta yi tambayar ba. Idan `8.8.8.8` zai nemo maka amsa daga wata sabar, da wani adireshin yunikas na cibiyar yake fita. Kana iya gani da idonka:

```
dig @8.8.8.8 o-o.myaddr.l.google.com TXT +short
```

Lambar da za ta fito ba `8.8.8.8` ba ce. Saboda haka idan ka ga ambaliyar saƙonni daga tashar 53 ta irin wannan adireshin ba tare da ka tambaya ba, mafi yawanci wani ne ya yi tambayoyi da adireshinka na jabu, amsoshin ke sauka a kanka. Toshe lambar ba zai taɓa maharin ba, sai dai ya yanke wa ma'aikatanka DNS. Haka nan idan kana son ba wa wata hidima izinin shigowa sabarka, jerin adiresoshin fitarta za ka nema, waɗanda kamfanonin ke wallafawa, ba lambar da jama'a ke kira ba.

Me ya sa shafukan gano wuri ke cewa adireshin yana Amurka ko Ostireliya?

Domin rumbunsu gurbi ɗaya ya tanada wa kowane adireshi, sai su cika shi da ƙasar da aka yi rajista. Rukunin `1.1.1.0/24` na APNIC ne, shi ya sa ake yawan ganin Ostireliya. Ga enikas tambayar “ina yake” ba ta da amsa sai an ƙara “idan an kira daga ina”.

To ta yaya ake bin sawun shafin damfara da ke bayan irin wannan adireshin?

Da farko a san cewa akwai hawa biyu. Sabar enikas da ka taɓa ƙofar gida ce kawai, ita ke karɓar buƙatarka ta miƙa wa ainihin sabar mai shafin, wadda ke da adireshin yunikas da ba a nuna maka ba. `traceroute` a ƙofar yake tsayawa, `whois` kuma sunan kamfanin rarrabawa zai ba ka. Wanda ya san ainihin sabar shi ne kamfanin, kuma ta fom ɗin ƙorafinsa ko ta umarnin kotu ake samun bayanin.

Ƙorafin da ya ce “adireshi kaza yana damfara” ba ya zuwa ko'ina, tunda dubban shafuka ne a kan lambar. Wanda ake iya aiki da shi yana ɗauke da cikakken sunan shafin da hanyar da aka bi a cikinsa, lokaci har zuwa daƙiƙa tare da bayyana cewa UTC ne ko agogon Najeriya da Nijar da ke gaba da shi da awa ɗaya, adireshin da aka kira daga gare shi, da lambar `cf-ray` ko makamanciyarta. Lambar nan ita ke nuna buƙata guda a cibiya guda, cikin rajistocin da ke warwatse a garuruwa da yawa.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne. Mai shafin da ke bayan irin wannan hidimar idan ya buɗe rajistarsa, adiresoshin kamfanin zai gani a matsayin baƙinsa. Adireshin baƙo na gaskiya yana cikin layin `X-Forwarded-For` ko `CF-Connecting-IP`, kuma sai an saita sabar ta riƙa rubuta shi. A amince da waɗannan layukan ne kawai idan buƙatar ta fito daga adiresoshin kamfanin, domin kowa na iya ƙirƙirarsu. Ko an samu lambar ma, idan ta kamfanin waya ce, ɗaruruwan mutane na iya tarayya a kanta a lokaci guda, sai an haɗa da lambar tashar da aka fito da ita da ainihin lokaci kafin kamfanin ya iya ware layi ɗaya.

Na'urar sa idona ta ce komai lafiya, amma mutane na kuka. Me ya sa?

Na'urarka cibiya ɗaya take gani, wadda BGP ya kai ta. Idan cibiyoyi ashirin gare ka ɗaya ta lalace, sha tara na amsawa, kuma mai yiwuwa a cikinsu kake. Harin ambaliya ma haka yake rabuwa: kowace cibiya tana shan abin da ya fito daga yankinta, wata ta nutse wata ko a jikinta. A nan sai mai gudanarwa ya yi zaɓi mai wuya, ko ya bar cibiyar da ake duka ta shanye harin ita kaɗai yankinta ya wahala, ko ya janye sanarwarta ambaliyar ta koma kan ta kusa, wadda in ba ta fi ta ƙarfi ba ita ma za ta faɗi.

Saboda haka ana sa ido ta fuska biyu. Kowace saba a gwada ta ta adireshinta na yunikas, don a san lafiyarta. Adireshin tarayya kuma a gwada shi daga wurare da yawa a waje, kowane gwaji yana rubuta sunan cibiyar da ta amsa, don ranar da mutanen Kano suka wayi gari ana kai su Landan a ga sauyin a allo kafin waya ta fara ƙara.